Jari Miliyan 10, Ayyuka Huɗu

 Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar gama kai, jarinmu naira miliyan 10 ne, kuma ayyuka huɗu ke gabanmu. Akanta ya ƙiyasta kuɗin da kowanne zai kawo, ya mayar da su darajar yau. Sito zai ci miliyan 10, ya kawo 13.5. Injin casar shinkafa 6, ya kawo 9. Firijin ƙanƙara masu sola 5, su kawo 7.2. Injin matsar man gyaɗa 5, ya kawo 7. Dattawanmu sun nace sai sito, don rararsa ta miliyan 3.5 ta fi ta kowanne. Ɗana mai karatun akanta ya ce a duba PI. Wa ke da gaskiya?

Ma'aji, daga Kura

 Ɗanka ya fi kusa da gaskiya, amma da sauran aiki. PI ma'auni ne na abin da kowace naira ɗaya za ta dawo da shi: ka raba darajar yau ta kuɗin da aiki zai kawo da jarin da zai ci. Wanda ya gaza 1 asara ne. Casa ta ba da 1.5, firiji 1.44, man gyaɗa 1.4, sito kuwa shi ne na ƙarshe da 1.35. Sito ya yi rara mai yawa ne kawai don ya haɗiye jarin duka.

Sai dai in kuka bi jerin ido rufe, za ku sayi injin casa, miliyan 4 ta yi saura, ba ta isa ko ɗaya cikin sauran ba. Rararku miliyan 3 ke nan, ƙasa ma da ta sito. Jerin PI yana ɗauka cewa ana iya gutsurar aiki a yi rabinsa, alhali rabin inji ba ya matsar gyaɗa. Duk sanda ka ga kuɗi mai tsoka ya yi saura, ka ajiye jerin, ka gwada kowane haɗi da bai wuce miliyan 10 ba, ka tara rararsa. Firiji da man gyaɗa tare sun cinye jarin cif, rararsu 2.2 da 2, wato 4.2.

Abin da zan tambayi mai kawo firijin shi ne, kowanne da solarsa yake? In guda biyar ne, kowanne miliyan 1, ku sayi huɗu ku haɗa da injin casa: 3 da 1.76, wato 4.76. In sola ɗaya suke sha, ku tsaya kan 4.2.

Ka kuma tambayi akanta da kashi nawa ya rage kuɗin gaba. In 25 ne cikin ɗari, miliyan 1.25 ta baɗi miliyan 1 ce yau. Tsakanin 1.44 da 1.4 tazarar ba ta da yawa, in kashin ya ɗan motsa jerin na iya juyawa, don haka a sake lissafin da 30 kafin ku zauna taro.