Kafin ka ɗora fuskar wani a hoton na'ura, ka tambaye shi

Wani saurayi ya zo shagona da hoton taubashiyarsa, 'yar kawunsa, wanda ya ɗauko a Status ɗinta na WhatsApp. So yake in ɗora fuskarta a hoton amarya na ƙirƙirarriyar basira, ya tsokane ta ranar zagayowar haihuwarta. Na ce ya kira ta a gabana in ji amincewarta. Ya ce, "Haba Oga, ai ƙanwata ce, wasa ne tsakaninmu." Na ce ba zan yi ba. Ya fita yana gunaguni, ya sami wani yaro da ke wannan aikin da waya, aka haɗa masa.

Hoton ya fito da ita cikin farar rigar amare, kai ba ɗankwali, kafaɗu a waje, wani namiji da babu shi a duniya yana riƙe da ƙugunta. Yarinyar nan an sa mata rana. Ya ɗora a Status, ya goge bayan ta kira shi tana kuka, amma kafin nan wata ta yi sikirinshot. Hoton ya shiga zauren mata na dangin ango, ya kai ga uwar ango. Aka dakatar da kawo lefe.

Ita da yayarta suka zo wurina. Ta ce, "Yaya, don Allah ka nuna musu ba ni ba ce." Na buɗe hoton a kwamfuta na zuƙo shi. Hasken fuskar daga hagu yake, na wuya da kafaɗa daga dama. Launin fata ya canza daidai ƙarƙashin haɓa. Ɗan kunne ɗaya dogo ne, ɗayan ya narke cikin gashi. Zanen lallen hannu ya haye kan yatsan namijin. Na ajiye shi gefe da hoton asali na Status ɗinta: murmushi ɗaya, karkatar kai ɗaya, har ƙyallin ido. Wannan ne ya fi gamsar da kawun ango da aka turo. Bayanan da ke cikin fayil kuwa babu su, domin sikirinshot da tura-tura sun wanke komai.

An daidaita, an kawo lefe. Amma hoton yana wayoyin mutanen da ba za su taɓa zama gaban kwamfutata ba, kuma ba ni da maɓallin goge shi. Ta ci sa'a ma aikin ɗan koyo ne. Manhajojin yanzu suna daidaita haske da launin fata, hoto ɗaya tak mai kyau ya ishe su, kuma akwai waɗanda ni kaina ba zan rantse a kansu da ido ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan "ai ɗan'uwana ne". Zumunci bai ba ka mallakar fuskar kowa ba. Ta saka hotonta a Status don a gani, ba ta ba ka shi ka sarrafa ba. Kuma lokacin da aka loda shi a manhaja, ya bar wayar ya tafi rumbun kamfanin da ba ita ta zaɓa ba, bisa sharuɗɗan da ko mai lodawar bai karanta ba.

Izinin da nake karɓa a shagona mataki biyu ne. Kafin aiki, mai fuskar da kansa zai gaya mini ya yarda, da muryarsa ko a rubuce daga lambarsa, bayan an faɗa masa irin suturar, da wa zai tsaya, da inda za a saka. Bayan aiki, shi zai fara gani, domin na'ura tana ƙara abin da ba a tambaye ta ba: ta zame mayafi, ta matse riga, ta haskaka fata. In ya ce a'a a nan, na goge. Yaro ƙarami sai iyayensa. Mamaci sai iyalinsa sun yarda, kuma ba ɗa ɗaya kaɗai ba.

Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta fito fili cewa shiru ba izini ba ne, kuma wanda ya bayar yana iya janyewa. Ku masu karɓar kuɗi kuna haɗa wa duk wanda ya miƙo hoto, ba za ku fake da "kwastoma ne ya kawo" ba. Hannunku ne ya yi. Wallahi kuna zubar mana da mutuncin sana'a.

In ba-zata kake so, saya mata turare. Fuskarta kuwa, tambaye ta. Nuna mata kafin kowa ya gani. In ta yi shiru, a'a ce. In kuma kana jin nauyin tambayarta, ka riga ka san ba za ta yarda ba, don haka ka bari.