Katin da Ya Kamata Kowace Mai Ciki Ta Liƙa a Bango

Hawan jinin mai ciki yakan fara ne bayan mako 20, wato wajen wata biyar, kuma sau da yawa ba ya sallama. Ki yanko bayan kwalin sabulu, ki rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe, ki liƙa inda maigida da uwar miji za su gani.

1. Rubuta lambobi biyu a sama: 140/90 da 160/110. Idan awo ya kai 140/90, ki je asibiti a ranar a duba fitsarinki, ko da garau kike ji. Idan ya kai 160/110, ko lambar sama ce kaɗai ta kai, ki tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

2. Jera alamomin da ba a kwana da su. Ciwon kai mai tsanani da farasitamol bai kwantar ba, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, da numfashi sama-sama. Guda ɗaya ta isa a tashi. Ciwon haƙarƙarin nan kan yi kama da gyambon ciki, alhali hanta ce ke kuka.

3. Bambanta kumburi da kumburi. Ƙafa ta ɗan tasa da yamma ta saɓe da safe, wannan ba baƙon abu ba ne ga mai ciki. Amma zoben da ya shiga jiya yau ya ƙi fita, fuska ta cika har idanu sun ƙanƙance, wannan na asibiti ne. Kada a ce miki alamar tagwaye ce.

4. Shirya abin hawa tun yau. Rubuta lambobin waya biyu na direba ko mai keke, ki ware kuɗin mota a jakar katin awo. In kina Kagoro ko Gidan Waya, babban asibitin Kafanchan, wanda aka sani da Asibitin Yakowa, shi za ki nufa. Na Zonkwa da Kwoi su nufi babban asibitin garinsu. In da damina ce kuma hanyar ƙauyenku na yankewa, ki koma wurin dangi a gari kafin watan haihuwa.

5. In jijjiga ta zo, ga aikin mutanen gida. A kwantar da mai cikin ta gefen hagu, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko jiƙo, don yana iya sarƙe ta. A garzaya asibiti, domin can ake yin allurar da ke hana jijjigar dawowa.

6. Kada ki cire katin ranar suna. Jinin na iya hawa bayan haihuwa, musamman a makon farko, har zuwa mako shida. Ki auna kafin a sallame ki, ki sake aunawa cikin makon, katin kuma ya zauna a bango sai kin yi arba'in.