Shawara ga Injiniyan da Zai Yi wa Hukumar Gudanarwa Bayani

Idan kai injiniya ne, taransfomar asibiti tana neman kasawa, kuma kana son mambobin hukumar gudanarwa su amince a sayi sabuwa, kada ka buɗe baki da kVA. Ka fara da abin da kake so su yanke, da nawa zai ci, da abin da zai faru idan suka jinkirta.

A ce taransfomar mai kVA 500 ce, amma tana ɗaukar 600 da yamma. Ka ce musu tana ɗaukar kashi ashirin cikin ɗari fiye da ƙarfinta, zafin kuma yana cinye rufin wayoyinta. Sai dai kada ka ce za ta ƙone gobe don ka tsorata su. Gaya musu kowane ƙarin zafi na kimanin digiri shida yana rage rabin tsawon rayuwar rufin, ranar lalacewa ce kawai ba a sani ba.

Wajen kuɗi, kada ka kawo farashin taransfoma kaɗai. Haɗa da dako, da kafawa, da man dizal ɗin janareto na kwanakin aikin. Faɗi mafi ƙaranci da mafi yawa, da ranar da farashin ɗan kwangila zai daina aiki.