A Auna Ɗaki Kafin a Saya wa Amarya Gado

A sana'armu ta kafinta, abin da ya fi jawo mana rigima ranar jere shi ne gado shida da shida. Iyaye mata sun fi son sa saboda ya fi cika ido, amma ba kasafai ake tambayar girman ɗakin da ango ya kama ba.

Katifun da ake sayarwa a Najeriya da faɗi ake bambanta su: akwai ƙafa uku, uku da rabi, huɗu, huɗu da rabi, biyar, shida har bakwai. Tsawon kuwa, duk da ana cewa ƙafa shida, yawancin na kamfani inci 75 ne, wato shida da inci uku. Kafintan da ya yanka katako a kan 72 cif, katifa ba za ta zauna ba. Za ka ga ta yi tozo a tsakiya, ko ta hau kan katakon wajen ƙafa. Shi ya sa nake cewa a kawo mini awon katifar da tef, sannan in ƙara inci ɗaya a ciki don a samu wurin cusa zanin gado.

Shi kansa gadon yana cin wuri. Katakon gefe biyu kan ƙara kamar inci huɗu, fuskar gado mai soso da katakon ƙafa kuma wajen bakwai.

Mu ɗauki ɗaki ƙafa goma da sha biyu. Faɗinsa inci 120 ne. Sif na cin 24, saura 96. Gado shida da shida zai kwashe 76, abin da ya rage 20 kenan, kuma wannan bayan an manna gadon da bango. Murfin sif mai inci 18 zai buɗe da ƙyar, amma ina matar za ta tsaya? Sai dai ta hau gado ta durƙusa ta zaro atamfa. Durowar ƙasa kuwa rabi za ta fito. Da biyar aka saya, inci 32 za su rage. Huɗu da rabi ya bar 38. Ni ba na yarda da ƙasa da 30.

In an dage sai shida da shida, a mayar da sif wajen ƙafar gado. Tsawon ɗakin 144 ne, a cire 24 na sif da 82 na gado, a samu 38. Sharaɗin shi ne kada ƙofar ɗaki ko ta banɗaki ta kasance a wannan bangon. In tana nan, sai sif ya koma gefe, a yi masa murfi mai turawa, a haƙura da durowar gefen gado guda ɗaya.