1:2:1 ko 3:1? Tambayar gado da ke kayar da ɗalibai

Wata ɗaliba mai shirin zana WAEC ta aiko da kokenta: an ba su tambayar haɗa dogayen tsirran wake biyu, kowanne Tt, ta zana akwatin Punnett daidai, ta rubuta 1:2:1, amma malam ya soke amsar ya sa 3:1. Tana son sanin wa ke da gaskiya.

'Yata, duk lissafin biyu daga akwati ɗaya suke fitowa. Abin da ya raba su shi ne me aka tambaye ki.

Bari mu fara daga tushe. Kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na tsayi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Babban baƙi T na tsawo ne, kuma shi ke da rinjaye. Ƙaramin t na gajarta ne, ba ya bayyana sai ya haɗu da irinsa. Lokacin da tsiro zai yi ƙwayar haihuwa, biyun nan rabuwa suke yi, kowace ƙwaya ta ɗauki ɗaya tak. Saboda haka a gefen akwati baƙi ɗaya ake rubutawa, T ko t. Duk wanda ya rubuta Tt a nan ya ɓata aikin tun daga farko, kuma alamarsa ita ce zai ga baƙaƙe huɗu a cikin gida ɗaya maimakon biyu.

```
     T    t
T   TT   Tt
t   Tt   tt
```

Idan an nemi jinotaif, wato baƙaƙen da ke cikin gidajen, sai ki ƙirga: TT ɗaya, Tt biyu, tt ɗaya. Ga 1:2:1 ɗinki. Idan kuwa finotaif aka nema, wato abin da ido zai gani a gona, to TT da Tt duk dogaye ne, babu mai bambance su da kallo. Dogaye uku, gajere ɗaya, 3:1. Ina kyautata zaton tambayarki kamanni ta nema. Shawarata ita ce ki riƙa rubuta kowace amsa da sunayenta, kamar "dogaye 3 : gajere 1", domin lamba tsirara ba ta nuna wa mai duba takarda kin gane abin da kika ƙirga.

Sai kuma abin da ya fi damuna, domin ya wuce ɗakin jarrabawa. Gidaje huɗun nan ba 'ya'ya huɗu ba ne. Yiwuwa ce suke nunawa a kowace haihuwa. Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa a 1866, ya samu dogaye 787 da gajeru 277 a irin wannan haɗin. In kin raba, 2.84 ne a kan 1. Ya kusa uku ne saboda tsirran sun haura dubu. Da a ce huɗu kawai ya shuka, komai na iya fitowa.

Masu tsara tambaya kan sauya wake da ciwon sikila, wanda babu unguwar da ba a san shi ba a ƙasar Hausa. Miji AS, mata AS: akwatin zai ba ki AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Nan ne ake jin mutane na cewa tunda ɗan fari ya zo da SS, uku na bayansa sun tsira. Sam ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, kuma yiwuwar SS tana nan ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin ɗari, ko a haihuwa ta nawa ce. A iyali masu 'ya'ya huɗu, yiwuwar a samu SS ɗaya cif 108 ce cikin 256, wajen kashi 42 kawai. Yiwuwar a rasa ko ɗaya kuwa 81 cikin 256, kusan kashi 32. Ragowar su ne gidajen da za a samu biyu ko fiye.

Don haka idan aka tambaye ki yiwuwar ɗa na uku ya zama SS bayan na farko da na biyu sun zo da shi, rubuta 1/4 ba tare da shakka ba. Idan kuma aka ce an samu tsirrai 400, nawa ake sa ran za su zama gajeru, ki raba 400 gida huɗu ki ce ana sa ran 100. Tarko na ƙarshe shi ne a ce a cikin yaran da ba su da ciwon, kashi nawa ne AS. A nan sai ki cire gidan SS, saura gida uku, biyu daga ciki AS ne: amsar 2/3 ce, ba 1/2 ba.