Amsoshin Tambayoyinku: Sanarwar Lissafin Kaya ga Yaran Shago

Wani mai sauraro da ke sayar da shinkafa a kasuwar Haɗejiya ya tambayi yadda zai sanar da yaransa sabon tsarin rubuta kaya.

To Alhaji, taƙaita, ka manna a bango. Ka ce: "Daga gobe kowane kaya layinsa daban: kwantan jiya, wanda ya shigo, wanda ya fita, ragowa. An kwana da buhu 40, an sauke 20 daga Auyo, an sayar da 35, ragowa 25. Ku ƙirga kafin rufewa. In kun ga 24, ku rubuta 24, kada a gyara."

Bashi ma fita ne, nan yara suka fi mantawa. Buhun da aka farke kuwa, a lissafa shi da kwano. Da damina a ɗora littafin a sama, saboda ambaliya.