Yadda ake lissafin ƙusar rufin kwano

Idan mai gini ya tambaye ni ƙusa nawa falle ɗaya na kwano yake ci, sai in ce mu hau sama tukuna mu ga yadda aka jera katako. Ƙusa ba ta da wurin kamawa sai inda kwano ya kwanta a kan katakon da ke gicciye, wanda galibi tubaitu ne. Saboda haka daga tazarar katakon nan lissafi yake farawa.

Mu ɗauki kwanon da aka saba da shi, mai tsawon ƙafa 6, wanda falle 20 ke yin bandir. A ce rufin yana da gangare biyu, tsawonsa ƙafa 24, kuma daga tsororuwa zuwa baki ƙafa 11 da rabi ne. Falle biyu za su rufe gangaren, na sama ya hau na ƙasa da inci 6. Layin katako biyar ake bukata, tazarar ƙafa 2 da inci 9 tsakaninsu: ɗaya a baki, ɗaya a tsakiyar fallen ƙasa, ɗaya daidai ƙarƙashin haɗin, ɗaya a tsakiyar fallen sama, na ƙarshe kusa da tsororuwa. Na haɗin nan shi ne ya fi bukatar awo da kyau. In ya goce, bakin kwanon sama zai zauna ba abin da ya riƙe shi, iskar farkon damina kuma ta nan take fara ɗagawa.

Sai faɗi. Ka shimfiɗa falle ɗaya a ƙasa ka ƙirga tudunsa da yatsa, don kwano ba duka ɗaya ba ne. A misalinmu yana da tudu 10, inci 3 tsakanin kowane biyu. Idan maƙwabcinsa ya hau tudu biyu, saura 8, wato ƙafa 2 kenan yake rufewa. Falle 12 ke nan a kowane layi, layi biyu a kowane gangare, jimla falle 48: bandir biyu da falle takwas.

Yanzu ƙusa. A baki, da haɗi, da tsororuwa, ana buga tudu ɗaya a tsallake ɗaya, ƙusa 4 ke nan a faɗin falle. A katakon tsakiya 3 sun wadatar, muddin ɗaya ta faɗa inda gefen falle ya hau ɗan'uwansa. Mai gaggawa zai ce 4 da 3 da 4, sha ɗaya ke nan a kowane falle. Amma ƙusar haɗi falle biyu take ɗinkewa a bugu ɗaya, bai kamata a ƙirga ta sau biyu ba. Ka bi gangaren daga ƙasa zuwa sama: 4, 3, 4, 3, 4. Ƙusa 18 ke nan ga falle biyu, tara ga kowanne. Ka ninka 18 ɗin da 12, ka sake ninkawa da gangare biyu, za ka samu 432. Ƙara 10 na rufe gefen ƙarshe, biyar a kowane gangare.

Hular da ke rufe tsororuwa, in ita ma mai ƙafa 6 ce tana hawan juna da inci 6, kowace ƙafa 5 da rabi take rufewa. Huɗu ba za su kai ba, biyar za a saya a yanke rarar. Ƙusarta ba sabon lissafi ba ne: huɗun nan na layin sama su ne za su ratsa hula da kwano su shiga katako. Don haka kada a cika layin sama da ƙusa tun farko, a riƙe kowane fallen sama da guda ɗaya har hula ta hau. Wannan ya ƙara 24, jimla 466. Wasu za su lanƙwashe, wasu su faɗi cikin yashi, don haka a sayi kamar 510. In da awo ake sayarwa, a auna kwatan kilo a ƙirga, sai a san kilo nawa za a ɗauka.

Dogon kwano na alminiyam, wanda ake yanka wa mutum daidai tsawon gangarensa, ba shi da haɗi a tsakiya. Idan da sukuru za a kama shi, sai a ninka layukan katako da yawan manyan tudun da falle ke rufewa. A ɗaure har robar ta zauna daram, amma kada ta fashe ko tudun ya lotsa.

Ƙusa mai hula a kan tudu ake buga ta, don kwari hanyar ruwa ne. A ja igiya bisa layin katako kafin a fara. Wadda ta kama katako tana shiga da tauri, sautinta a cike. Wadda ta kuskure kuwa zurmawa take yi da bugu biyu, in ka leƙa daga cikin ɗaki ka ga tsininta a fili. A cire ta nan take a toshe ramin, kafin a rufe silin.